Yadda ake zana taswirar rabon asid ɗin fosforik da yadda ake karanta ta a kowane pH

Duk wanda ya zuba asid ɗin fosforik, H₃PO₄, a cikin ruwa, ba abu ɗaya ya samu ba. Asid ɗin yana ɗauke da furoton uku, wato H⁺, da zai iya saki, kuma ba ya sakin su lokaci guda. Yana sakin na farko ya zama H₂PO₄⁻, ya saki na biyu ya zama HPO₄²⁻, ya saki na uku ya zama PO₄³⁻. Siffofi huɗu ke nan na fosfet guda, kuma pH na ruwan ne ke yanke hukuncin wacce za ta fi yawa. Taswirar rabo ita ce zanen da ke nuna wannan: pH a kwance daga 0 zuwa 14, a tsaye kuma kason kowace siffa daga 0 zuwa 1. Da kallo ɗaya za ka ga siffar da ke da rinjaye a ko'ina.

Mutane da yawa suna kwafo zanen daga littafi su haddace kamanninsa. Ni ina ganin gara ka gina shi da hannunka ko sau ɗaya ne, domin a wajen ginin ne za ka ga abin da aka ɗora shi a kai, kuma daga nan ne za ka gane ranar da zai ba ka amsar da ba ta dace da ruwan da ke gabanka ba. Za mu riƙe misali ɗaya, wato pH 7.4, mu bi shi tun daga lissafin takarda har zuwa awon gishiri a kan sikeli.

Lambobi uku da komai ya dogara a kansu

Kowane mataki na sakin furoton yana da lambar daidaitonsa, K, wadda ake kuma rubutawa a ma'aunin logaridim a matsayin pKa, wato K shi ne 10 mai ƙarfin −pKa. A zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, cikin ruwan da kusan babu gishiri a cikinsa, ga su:

```
H3PO4  ⇌ H+ + H2PO4-    pKa1 = 2.15    K1 = 7.1e-3
H2PO4- ⇌ H+ + HPO4 2-   pKa2 = 7.20    K2 = 6.3e-8
HPO4 2- ⇌ H+ + PO4 3-   pKa3 = 12.35   K3 = 4.5e-13
```

Idan ka buɗe littattafai uku za ka iya ganin 2.12 ko 2.16 a na farko, 7.21 a na biyu, 12.32 ko 12.38 a na uku. Kada wannan ya dame ka. Ka zaɓi jeri ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen aikin, ka kuma rubuta shi a ƙarƙashin zanenka.

Abin lura shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Daga 2.15 zuwa 7.20 akwai kusan biyar, daga 7.20 zuwa 12.35 ma kusan biyar. A ma'aunin logaridim, biyar na nufin ninki dubu ɗari. Wato cire furoton na biyu ya fi cire na farko wuya har sau dubu ɗari, haka ma na uku a kan na biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Furoton yana da caji mai kyau, kuma duk lokacin da ɗaya ya tafi, abin da ya rage yana ƙara caji marar kyau, sai ya ƙara riƙe sauran gam. Wannan faɗin tazarar shi ne ya sa zanen fosfet ya fita tsaf: a kowane pH, siffofi biyu ne kawai suke da yawan da za a kula da shi, sauran biyun kuma sun yi ƙasa har ba a ganinsu. A asid ɗin sitirik, wanda lambobinsa uku ke kusa da juna, ba haka abin yake ba, layukan suna hawa kan juna.

Daga ina lissafin kaso ya fito

Kason kowace siffa, wanda ake rubutawa da harafin α, shi ne yawanta a raba da jimlar fosfet duka. Za mu kira kason H₃PO₄ da α0, na H₂PO₄⁻ α1, na HPO₄²⁻ α2, na PO₄³⁻ kuma α3. Lambar da ke gefe tana nuna furoton nawa aka saki.

Dabarar ita ce a bayyana kowace siffa ta hanyar wadda ta gabace ta. Daga daidaiton farko, yawan H₂PO₄⁻ shi ne yawan H₃PO₄ sau K1 a raba da yawan H⁺. Daga na biyu, yawan HPO₄²⁻ shi ne yawan H₂PO₄⁻ sau K2 a raba da H⁺. Haka na uku. In ka jera su ka haɗa, ka share abin da ya maimaitu sama da ƙasa, sai ka tsira da wannan:

```
h  = 10^(-pH)
D  = h^3 + K1*h^2 + K1*K2*h + K1*K2*K3
α0 = h^3 / D
α1 = K1*h^2 / D
α2 = K1*K2*h / D
α3 = K1*K2*K3 / D
```

Ba sai ka haddace shi ba, tsarinsa ne za ka riƙe. D gaɓoɓi huɗu ne, kowace gaɓa ta siffa ɗaya ce. Kana tafiya daga hagu zuwa dama, h ɗaya na faɗuwa, K ɗaya na shigowa. Kason kowace siffa kuwa gaɓarta ce a kan jimlar.

Ka duba da kyau za ka ga jimlar fosfet ba ta cikin lissafin. Ta share kanta. Ma'ana, ko fosfet ɗin kaɗan ne ko mai yawa, muddin pH ɗin ɗaya ne, rabon ɗaya ne. Wannan gaskiya ne a kan takarda, kuma zan dawo kansa, domin a nan ne ruwa na gaske yake ɗan bauɗewa.

Lissafi da hannu a pH 7.4

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi aikin da lambobin sama na goma, tunda ninkawa ta koma tarawa. A nan h shi ne 10 mai ƙarfin −7.4.

Gaɓa ta farko, h sau uku, tana da ƙarfin −22.2, wato 6.3 × 10⁻²³. Gaɓa ta biyu ita ce −2.15 a haɗa da −14.8, ya ba da −16.95, wato 1.12 × 10⁻¹⁷. Ta uku ita ce −2.15 da −7.20 da −7.4, ya ba da −16.75, wato 1.78 × 10⁻¹⁷. Ta huɗu kuma jimlar pKa ukun ce, −21.70, wato 2.0 × 10⁻²².

Tun kafin ka raba komai, amsar ta bayyana. Gaɓoɓin tsakiya biyu suna wajen 10⁻¹⁷, na gefe biyu kuma suna can wajen 10⁻²², sun gaza su da kusan ninki dubu ɗari. D ya zama 2.90 × 10⁻¹⁷, kuma na gefen ba su taɓa shi ba ko a lamba ta uku. Saboda haka α1 shi ne 1.12 a raba da 2.90, wato 0.387, α2 kuma 1.78 a raba da 2.90, wato 0.613. Na H₃PO₄ ya fito 2.2 × 10⁻⁶, na PO₄³⁻ kuma 6.9 × 10⁻⁶.

A pH 7.4 ke nan, cikin kowane ƙwayoyin fosfet miliyan ɗaya, kimanin dubu 613 HPO₄²⁻ ne, dubu 387 H₂PO₄⁻ ne, bakwai PO₄³⁻, biyu kacal ne suka rage a matsayin H₃PO₄. Wanda ya rinjaya shi ne HPO₄²⁻, amma rinjayen bai kai a manta da abokin tafiyarsa ba. Shi ya sa idan aka tambaye ka matsakaicin cajin fosfet a wannan pH, amsar ba −2 ba ce. Ka ninka 0.387 da ɗaya, 0.613 da biyu, ka haɗa, za ka samu kimanin −1.6.

Zana shi da fensir ba tare da kalkuleta ba

Tunda siffofi biyu ne kawai ke takara a kowane wuri, zanen gaba ɗaya mahaɗa uku ne masu kama ɗaya, an jera su a wurare daban. A kowace mahaɗa, rabon siffar da ta saki furoton a kan wadda ba ta saki ba shi ne 10 mai ƙarfin pH a cire pKa. Wannan shi ne lissafin Henderson da Hasselbalch, an dai juya shi ne kawai.

Ka ja layin pH a kwance, ka sa alama a 2.15 da 7.20 da 12.35. A kan kowace alama, a tsayin 0.5, ka ɗiga ɗigo. Nan ne layuka biyu ke giftawa, domin idan pH ya yi daidai da pKa, siffofin biyu rabi da rabi ne. Daga kowace alama ka matsa mataki ɗaya na pH zuwa dama: rabon ya zama goma da ɗaya, wato mai tashi yana 0.91, mai sauka yana 0.09. Ka ƙara mataki ɗaya: ɗari da ɗaya, 0.99 da 0.01. Ta hagu haka ne, sai dai an musanya matsayi. In kana so lanƙwasar ta yi kyau, ka ƙara ɗigo a rabin mataki, inda rabon yake 0.76 da 0.24. Ɗigo bakwai a kowace mahaɗa sun ishe ka.

Yanzu ka haɗa su. Layin H₃PO₄ yana farawa daga sama a hagu, ya sauko ta 2.15, ya kwanta a ƙasa bayan pH 4. Layin H₂PO₄⁻ yana tashi ta 2.15, ya yi shimfiɗa a sama, ya sauko ta 7.20. Na HPO₄²⁻ yana tashi ta 7.20 ya sauko ta 12.35. Na PO₄³⁻ yana kwance a ƙasa har wajen pH 10, sannan ya fara ɗagowa.

Ƙololuwar siffofin tsakiya tana daidai tsakiyar pKa biyun da ke kewaye da su. Ta H₂PO₄⁻ tana wajen 4.68, ta HPO₄²⁻ tana wajen 9.78. A can kason ya kai 0.994 da 0.995, bai cika ɗaya ba, domin a daidai wurin akwai ɗan saura na siffar hagu da ta dama, kuma yawansu ɗaya ne, kimanin 0.003 kowanne. In ka ga zanen da ƙololuwar ta karkata gefe ɗaya, an yi kuskure a wani wuri.

Ga lambobin da ya kamata ka samu a kan cikakkun pH, don ka gwada zanenka da su:

```
pH   H3PO4   H2PO4-  HPO4 2-  PO4 3-
 0   0.993   0.007   0.000    0.000
 1   0.934   0.066   0.000    0.000
 2   0.585   0.415   0.000    0.000
 3   0.124   0.876   0.000    0.000
 5   0.001   0.992   0.006    0.000
 6   0.000   0.941   0.059    0.000
 7   0.000   0.613   0.387    0.000
 8   0.000   0.137   0.863    0.000
10   0.000   0.002   0.994    0.004
12   0.000   0.000   0.691    0.309
13   0.000   0.000   0.183    0.817
14   0.000   0.000   0.022    0.978
```

Ka kwatanta layin pH 7 da abin da muka samu a 7.4. Lambobin iri ɗaya ne, 0.613 da 0.387, amma sun yi musanya, domin 7.0 yana ƙasa da 7.20 da 0.2, shi kuwa 7.4 yana sama da shi da 0.2. Motsin 0.4 kawai ya sauya mai rinjaye. Wannan yankin ne ya fi ko'ina buƙatar kulawa, kuma a cikinsa ne jini da mafi yawan ruwan gwajin halittu suke.

Zana shi a Excel

Ka sa pKa ukun a wuri ɗaya, ka bar lissafin ya riƙa ɗauko su daga can, domin nan gaba za ka so ka canza su ka ga yadda zanen ke motsi. A ce K1 da K2 da K3 suna J1 da J2 da J3, kowanne an rubuta shi kamar `=10^(-2.15)`. A shafi na A ka jera pH daga 0 zuwa 14 da tazarar 0.1, zai ba ka layi 141. Sannan a layi na biyu:

```
B2  =10^(-A2)
C2  =B2^3+$J$1*B2^2+$J$1*$J$2*B2+$J$1*$J$2*$J$3
D2  =B2^3/C2
E2  =$J$1*B2^2/C2
F2  =$J$1*$J$2*B2/C2
G2  =$J$1*$J$2*$J$3/C2
H2  =SUM(D2:G2)
```

Ka jawo su ƙasa har ƙarshe. Shafin H shi ne mai gadinka: dole ya nuna 1 a kowane layi. In ya kauce, akwai gaɓar da aka rubuta daban a sama da ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne manta alamar `$`. Idan ka manta ta, da ka jawo lissafin ƙasa sai ya zame daga J1 zuwa ɗakunan da babu komai a ciki, kuma alamarsa ita ce H₃PO₄ ya tsaya a 1 har pH 14, sauran duk sifili. Ka lura, a wannan halin jimlar za ta ci gaba da nuna 1, don haka ka duba mahaɗun ukun su ma, ko sun faɗo a kan pKa. Kuskure na biyu shi ne zuba pKa a inda ake son K. Wajen zane kuma ka zaɓi `Scatter` mai layi, ba `Line` ba, don pH ya zama ma'auni na gaske a kwance, ka kuma kafe ma'aunin tsaye daga 0 zuwa 1.

Abin da zanen yake faɗa da abin da bai faɗa ba

Karantawa mai sauƙi ce. Ka tsaya a kan pH ɗinka, ka ja layi a tsaye, ka duba inda ya yanke kowane layi. Ƙasa da 2.15 H₃PO₄ ne ke gaba. Daga 2.15 zuwa 7.20 H₂PO₄⁻. Daga 7.20 zuwa 12.35 HPO₄²⁻. Sama da 12.35 sai PO₄³⁻. In kana son yawan wata siffa, ka ninka kasonta da jimlar fosfet.

Amma zanen ba ya gaya maka pH na ruwanka. Kai ne za ka kawo masa pH, shi kuma ya ba ka rabo. Ɗalibai sukan ɗauka cewa tunda kwalbar an rubuta H₃PO₄, siffar da ke ciki ke nan. Mu gwada. A ruwan da ke da mol 0.1 na asid ɗin a lita, lissafin matakin farko ya ba da H⁺ kimanin 0.023, wato pH 1.63, kuma a can kashi 77 cikin ɗari H₃PO₄ ne, kashi 23 H₂PO₄⁻. Ka tsarma shi sau ɗari zuwa mol 0.001 a lita, pH ya hau zuwa 3.05, sai ga H₂PO₄⁻ ya kwashe kashi 89. Asid ɗin bai canza ba, zanen ma bai canza ba, wurin da kake tsaye a kansa ne ya matsa.

A ɗaya gefen ma haka ne. Ka narka mol 0.1 na Na₃PO₄ a lita, lissafi mai sauƙi ya ba da pH wajen 12.6, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na PO₄³⁻ ɗin ya riga ya ƙwace furoton daga ruwa ya koma HPO₄²⁻. PO₄³⁻ ba ya mallake fili sai a ruwan da ya yi alkali matuƙa, kuma ko a pH 13 akwai kusan kashi 18 da bai juya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa idan ana taitireshan na asid ɗin fosforik da NaOH, wato ana ɗiga masa NaOH kaɗan-kaɗan ana auna pH, tsalle biyu ake gani a pH, ɗaya wajen 4.7, ɗaya wajen 9.8, daidai kan ƙololuwa biyun da muka zana. Tsalle na uku ba ya fitowa, domin HPO₄²⁻ yana riƙe furotonsa da ƙarfin da ya kusa na ruwa kansa.

Akwai kuma ruɗin sifili. Inda layi ya kwanta a ƙasa ba ya nufin siffar ta ƙare. Mun ga PO₄³⁻ yana da kaso bakwai cikin miliyan a pH 7.4. A ido ba komai ba ne, amma idan akwai kalsiyam a ruwan, wannan ɗan kaɗan ɗin zai iya isa ya sa gishirin kalsiyam fosfet irin na ƙashi da haƙori ya fara kwanciya, tunda narkewarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Kuma duk wanda ya kwanta, HPO₄²⁻ zai saki furoton ya maye gurbinsa. Don irin wannan tambayar, ka mayar da ma'aunin tsaye na logaridim. Za ka ga wutsiyoyin sun zama miƙaƙƙun layuka, kuma kusa da pH 7.4 zuwa sama kason PO₄³⁻ yana ninkuwa kusan sau goma ko fiye a kowane mataki ɗaya na pH. Shi ya sa ruwan da yake garau a pH 6 zai iya yin hazo a pH 8 ba tare da an ƙara masa fosfet ko kalsiyam ba. Taswirar da muka zana ta ɗauka cewa fosfet da furoton ne kaɗai a ruwan. Da zarar kalsiyam ko magniziyam ko ƙarfe ko alminiyam sun shigo, wani kaso na fosfet ɗin yana manne da su, kuma ba ya cikin layuka huɗun nan.

Inda gishiri ke matsar da mahaɗar

Wannan ne ɓangaren da na fi so mai karatu ya riƙe, domin shi ne ke ɓata wa mutane aiki a ɗakin gwaji.

Akwai ruwan bafa, wato ruwan da pH ɗinsa ba ya saurin canzawa, da ake daidaita mitar pH da shi a duk duniya: mol 0.025 na KH₂PO₄ da mol 0.025 na Na₂HPO₄ a kilogiram ɗaya na ruwa. Siffofin biyu rabi da rabi ne, don haka bisa zanenmu pH ɗinsa ya kamata ya zama 7.20. Amma abin da aka tabbatar masa a digiri 25 shi ne 6.86. Bambancin ya haura 0.3, kuma a wannan yankin mun riga mun ga abin da 0.4 ke iya yi.

Dalili shi ne lambar 7.20 ta ruwan da babu gishiri ce. A ruwa mai gishiri, kowane ayon yana kewaye da ayon masu kishiyar caji, suna rage masa kuzarin shiga mu'amala. Ragin yana tafiya da murabba'in caji, don haka HPO₄²⁻ mai caji biyu ya fi H₂PO₄⁻ samun wannan kariyar har ninki huɗu a ma'aunin logaridim. Tunda siffar mai caji biyu ta fi samun natsuwa, furoton na biyu ya fi saurin fita, mahaɗar kuma ta matsa hagu.

Za ka iya ƙiyasta matsawar. Da farko ka nemo ƙarfin ayon, I, wato rabin jimlar yawan kowane ayon sau murabba'in cajinsa. A wannan bafar, K⁺ ya ba da 0.025, H₂PO₄⁻ 0.025, Na⁺ 0.05, HPO₄²⁻ kuma 0.025 sau huɗu, wato 0.1. Jimla 0.2, rabinta 0.1. Sai ka sa shi a lissafin Davies:

```
f     = 0.509 * ( sqrt(I)/(1+sqrt(I)) - 0.3*I )
pKa1' = pKa1 - 1*f
pKa2' = pKa2 - 3*f
pKa3' = pKa3 - 5*f
```

Da I na 0.1, f ya fito 0.107. Sau uku ya zama 0.32, don haka mahaɗar ta biyu ta koma 6.88, dab da 6.86 da aka auna. Lambobin 1 da 3 da 5 sun fito ne daga bambancin murabba'in caji na siffofi biyun da ke kowace mahaɗa: ɗaya a cire sifili, huɗu a cire ɗaya, tara a cire huɗu. Wannan sigar ta dace da pH ɗin da mita ke nunawa. Ka ga mahaɗun ba sa matsawa daidai da juna. Ta farko ta ɗan gusa da 0.1, ta uku kuma ta gusa da fiye da 0.5. Lissafin Davies yana aiki gwargwado har wajen I na 0.5, bayan nan kuma sai dai awo.

A jini, inda ƙarfin ayon yake kusan 0.15, lambar da ake aiki da ita wajen 6.8 ce. To a pH 7.4 tazarar ta zama 0.6 maimakon 0.2, rabon kuma ya zama huɗu da ɗaya: kashi 80 HPO₄²⁻, kashi 20 H₂PO₄⁻. Idan ka ga littafin kimiyyar sinadarai ya ce 61 da 39, na likitanci kuma ya ce 80 da 20, babu wanda ya yi kuskure. Ruwa biyu daban suke magana a kai. Zafi ma yana taɓa lambar, sai dai kaɗan: waccan bafar da ke 6.86 a digiri 25 tana 6.88 a digiri 20.

Misalin har zuwa kan sikeli

A ce kana son lita ɗaya ta bafar fosfet mai jimlar mol 0.1, a pH 7.4, daga busassun gishiri biyu marasa ruwa a jikinsu: Na₂HPO₄ mai nauyin giram 141.96 a mol, da NaH₂PO₄ mai giram 119.98.

In ka bi zanen littafi, za ka ɗauki mol 0.0613 na na farko, giram 8.70, da mol 0.0387 na na biyu, giram 4.64. Ka narka, ka cika lita, ka tsoma mita. Ba za ta nuna 7.4 ba, za ta tsaya wajen 7.0. Kafin ka zargi mitar ko sikelin, ka lissafa ƙarfin ayon na abin da ka haɗa. NaH₂PO₄ yana ba da gwargwadon yawansa, Na₂HPO₄ kuma ninki uku na yawansa, jimla kimanin 0.22. A nan f ya kai 0.129, mahaɗar ta sauko 6.81, ka ƙara 0.2 na rabon da ka auna, ka samu 7.01. Fosfet ɗin da kansa ne gishirin da ya matsar da mahaɗarsa.

Gyaran shi ne ka koma ɗakin J2 ka sa `=10^(-6.8)` a madadin `=10^(-7.20)`, ka sake karanta layin 7.4. Yanzu rabon 0.80 da 0.20 ne: giram 11.36 na Na₂HPO₄ da giram 2.40 na NaH₂PO₄. Wannan ya yi kusa da tsohon ma'aunin da ake amfani da shi a ɗakunan gwaji, kashi 81 da 19. Ka narka su a ruwa mililita 900, ka bar shi ya kai zafin da za ka yi aiki da shi, ka auna, ka gyara ɗan abin da ya rage da ɗigon NaOH ko H₃PO₄ mai tsarma, sannan ka cika zuwa lita ka sake aunawa.

Ka duba takardar kwalbar kafin ka auna, domin gishirin nan sukan zo da ruwa a jikinsu. Na₂HPO₄ mai ƙwayar ruwa bakwai nauyinsa giram 268.07 a mol, mai goma sha biyu 358.14, NaH₂PO₄ mai ruwa ɗaya kuma 137.99. Idan ka auna giram 11.36 daga kwalbar mai ruwa bakwai, mol 0.042 kawai ka ɗauka maimakon 0.080, rabon ya faɗo daga huɗu da ɗaya zuwa biyu da ɗaya, pH kuma zai sauka da kusan 0.2 zuwa 0.3.

Haka nan idan ka haɗa bafa mai kauri don ajiya, ka tsarma ta sau goma ranar aiki, ka sa ran pH zai ɗan hau. Rabon gishirin biyu yana nan yadda yake, amma ƙarfin ayon ya ragu, mahaɗar ta fara komawa wajen 7.20, ta ja pH ɗin tare da ita. Ka gyara pH bayan tsarmawa, ba kafinta ba. In kuma za ka ƙara NaCl a kai, ka zuba shi tukuna sannan ka yi awon ƙarshe, domin shi ƙasa zai ja pH ɗin.